Yadda Za A Raba Aikin Gida Tsakanin Mace Mai Aiki Da Mijin Da Ke Ganin Aikin Na Mata Ne

Kuskuren da aka fi yi a wannan lamari shi ne a fara da ƙoƙarin sauya wa miji tunani. Matar ta dawo daga aiki a gajiye, ta tarar da kwanuka jibge, yara na jiran wanka, shi kuma yana zaune da waya a hannu, sai magana ta ɓarke a kan wa Allah Ya ɗora wa girki da wanki. Irin wannan muhawara ba ta ƙarewa, domin abin da mutum ya taso da shi shekara talatin ba ya gogewa a dare ɗaya, kuma duk wanda aka ce masa ya amsa cewa ya yi kuskure, ƙara kafewa yake yi. Abin da ke aiki shi ne a bar aƙidar a inda take, a koma kan abin da ake iya ƙirgawa, wato awoyi. Miji zai iya ci gaba da cewa aikin gida na mata ne, amma da wuya mai tausayi ya ga a rubuce cewa matarsa na aikin awa 89 a mako shi yana yin 58, ya ce haka ya dace. Sau da yawa hannu ne ke fara sabawa da aikin, daga baya tunani ya biyo shi.

Matsalar ba ta gida ɗaya ba ce. Rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2018 ya nuna cewa mata ne ke yin sama da kashi uku cikin huɗu na aikin kula da gida da iyali wanda ba a biya, kimanin awa 4 da minti 25 a kowace rana, maza kuwa awa 1 da minti 23. Amma alƙaluman duniya ba sa motsa mijin kowa. Na gidanku ne za su motsa shi, don haka daga nan za a fara.

Mako guda na rubutu, ba tare da ƙorafi ba

Ki samu littafi ko ki buɗe shafi a wayarki. Kwana bakwai cur, ki riƙa rubuta kowane aiki da aka yi a gidan, wanda ya yi shi, da mintunan da ya ci. Kada ki dogara da ƙiyasi, domin kowa yana ƙara wa nasa aikin nauyi ya rage na ɗan uwansa, ba da gangan ba, sai don abin da mutum ya yi da hannunsa shi ya fi tunawa. Ki duba agogo lokacin da kika ɗora tukunya da lokacin da kika sauke. Ki zaɓi mako na yau da kullum, wanda ba baƙi, ba biki, ba hutun makaranta.

Abu biyu ne ke sa wannan lissafi ya tsaya da ƙafarsa. Na farko, ki saka aikin da shi yake yi, komai ƙanƙantarsa: kai yara makaranta, gyaran famfo, biyan kuɗin wuta, kai mota wurin makanike, da awoyinsa na wurin aiki da na hanya. In ya ga takardar babu nasa a ciki, zai ɗauke ta a matsayin takardar ƙara, kuma yana da gaskiya. Na biyu, idan ayyuka biyu suka haɗu a lokaci ɗaya, kamar kina girki kina duba jingar yaro, ki ƙirga lokacin sau ɗaya. Ƙari kaɗan da zai gano ya isa ya zubar da amincin sauran.

Akwai kuma aikin da agogo ba ya kamawa. Wata mai bincike mai suna Allison Daminger ta yi nazari a kansa a 2019, ta kasa shi kashi huɗu: hango buƙata kafin ta taso, nemo hanyoyin biyanta, yanke shawara, da bibiya har a tabbatar an yi. Wa ke tuna cewa sabulu ya kusa ƙarewa? Wa ya san takalmin ƙaramin ya matse shi, ko ranar rigakafi ta gabato? Wannan ba za ki iya sa masa mintuna ba, don haka ki ware masa shafi daban, ki rubuta sunan kowane abu da wanda ke riƙe da shi a ka. Zai yi amfani nan gaba.

Bari mu ɗauki gida ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Miji da mata da yara biyu, ɗaya mai shekara takwas, ɗaya mai huɗu. Ita tana awa 40 a wurin aiki da awa 7 a hanya. Shi yana awa 45 da awa 5 a hanya. Da aka ƙirga aikin gidan, sai ya tashi awa 50 a mako: girki 14, wanka da shirya yara safe da dare 7, wanke-wanke 5, wanki da guga 5, shara da goge-goge da banɗaki 5, zama da yara kan jinga 4, kai su makaranta da ɗauko su 4, cefane 3, gyare-gyare da biyan kuɗaɗe 2, fitar da shara 1. A cikin 50 ɗin nan shi yana yin 8, wato kai yara, gyare-gyare da awa 2 na cefane. Ita tana yin 42. Jimlarta 89, tasa 58.

Yanzu ga lissafin da ya fi shiga zuciya. Mako awa 168 ne. A cire barci na awa 7 kullum, 49 ke nan, a cire kimanin 14 na wanka da cin abinci da ibada, saura 105. Ita idan an cire mata 89 sai ta tsira da awa 16, wato awa biyu da ɗan wani abu a rana. Shi yana da 47, kusan awa bakwai a rana. Wannan shi ne ma'aunin da muke ba da shawarar a yi amfani da shi: ba raba kwanuka biyu daidai ba, sai dai kowa ya samu lokacin hutu kusan daidai da na ɗayan. Ma'aunin yana yi wa kowa adalci. In mijin yana awa 70 a waje, lissafin da kansa zai nuna cewa kason da zai ɗauka a gida kaɗan ne, kuma ya kamata matar ta karɓi wannan sakamako idan shi ya fito.

Gane abin da ke ƙarƙashin “wannan aikin mata ne”

Kafin ki zauna da shi, ki yi tunani a kan abin da yake nufi da wannan magana, domin jimla ɗaya ce amma dalilanta sun bambanta, maganinsu ma haka.

Wani kunyar idon mutane yake ji. Alamarsa ita ce yakan taimaka idan ku kaɗai ne, amma da an yi sallama sai ya ajiye tsintsiya. Wannan ba gardama yake buƙata ba, sirri yake buƙata. A ba shi ayyukan cikin ɗaki, kuma ki yi masa alkawarin ba za ki riƙa ba ƙawaye ko 'yan uwa labari ba, ko da da sigar yabo ne. Mata da yawa sun rasa taimakon da suka fara samu saboda sun faɗa a gaban dangi cewa “ai shi ya wanke kwanukan nan”, aka yi dariya, shi ke nan bai sake taɓawa ba.

Wani kuma bai iya ba ne, kuma ya fi masa sauƙi ya ce ba aikinsa ba ne da ya ce bai san yawan ruwan da ake zubawa ba. Za ki gane shi idan yana kauce wa girki da wanki amma ba ya ƙin aika ko ɗaukar kaya. Shi koyarwa yake buƙata, sau biyu ko uku, ba a gaban yara ba.

Na uku tsoron raini ne. Yana ganin in ya ɗauki soso yau, gobe umarni za a riƙa ba shi. Wannan yakan fi tsanani idan albashin matar ya kai nasa ko ya fi shi. Maganinsa shi ne a ba shi fanni sukutum wanda shi ke da iko a kansa, ba a riƙa aikensa ba. Za mu dawo kan wannan domin shi ne ginshiƙin tsarin gaba ɗaya.

Idan dalilinsa addini ne kuma Musulmi ne, ya tabbata cewa an tambayi Nana A'isha abin da Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi sai ya fita. Hujja ce mai ƙarfi, amma kada ki jefe shi da ita a tsakiyar faɗa. Ta fi tasiri idan ya ji ta daga bakin malamin da yake girmamawa, ko a lokacin da ake hira cikin nishaɗi.

Zaman farko

Lokacin da aka zaɓa rabin nasara ne. Ba da ya shigo gida ba, ba yana jin yunwa ba, ba bayan an yi cacar baki ba, ba a gaban yara ko baƙi ba. Ki nemi lokacin tun kwana ɗaya kafin nan, ki ce akwai shawarar da kike nema, minti talatin ta isa. Binciken da wani masani mai suna John Gottman ya yi a kan ma'aurata ya nuna cewa yadda aka buɗe zance a mintuna ukun farko yakan nuna yadda zai ƙare, kuma duk wanda ya zauna da ma'aurata ya san haka ne. In kika buɗe da “kai ba ka taɓa taimaka mini”, abin da zai biyo baya shi ne ya lissafo miki ranar da ya taimaka, sai zancen ya koma kan wannan ranar.

Ga yadda buɗewar za ta iya kasancewa: “Abban yara, akwai abin da ya fi ƙarfina, ina so mu duba tare. Na rubuta yadda makonmu ke tafiya, naka da nawa. Duba ka gani ko na manta wani abu a ɓangarenka.” Sai ki miƙa masa takardar ki yi shiru. Shirun nan yana da wuya, amma ki daure. Gani ya kori ji. In ya ce kin rage masa, ki ba shi biro ya ƙara. In ya ce girki ba ya cin awa biyu a rana, kada ki yi musu, ki ce ya riƙe agogo gobe.

Kusan tabbas zai ce, “Ai ni nake ciyar da gidan nan.” Kada ki raina wannan, nauyi ne na gaske, kuma ki faɗa masa kin san da shi. Amsar ita ce awoyin da yake kashewa wajen nemo kuɗin an riga an saka su a takardar, ga su nan, 50. Abin da ake magana a kai shi ne awoyin da suka rage bayan kowa ya dawo. In kuma kina saka albashinki a hidimar gida, to kin ɗauki wani ɓangare na abin da yake kira nasa, don haka ba baƙon abu ba ne shi ma ya ɗauki wani ɓangare na abin da yake kira naki. Ki faɗi wannan sau ɗaya, a natse, kada ki mai da shi gori.

Kada a nemi kammala komai a zaman farko. In an tashi da yarda cewa awa 16 da awa 47 ba daidai ba ne, an samu abin da ake nema. A sa ranar zama na biyu cikin kwana uku, kafin abin ya huce.

A rage kayan kafin a raba

A gidan misalinmu tazarar awa 31 ce. Don a daidaita, sai mijin ya karɓi awa 15 da rabi a mako. Wanda bai saba ba, in aka ɗora masa wannan a tashi ɗaya, ba zai kai mako biyu ba. Saboda haka a fara da tambayar wane aiki ne za a iya kashewa gaba ɗaya.

Girki shi ne mafi girma, kuma a nan ake samun rangwame. In aka dafa abin da zai kai kwana biyu ko uku a zama ɗaya aka adana a firij, aka kuma yarda cewa ba dole ba ne a ɗora sabuwar tukunya kowane dare, awa 14 za ta iya komawa 11. Wannan yana buƙatar amincewarsa a fili, domin mijin da ya ce ba ya cin ɗumame ya ƙara wa matarsa awa uku a mako ko bai sani ba. Guga a kai wa mai guga ko a taƙaita ta ga kayan fita kawai, an rage awa 2. Yaro mai shekara takwas, namiji ne ko mace, zai iya gyara gadonsa, ya share ɗakinsu, ya tattara kayan wasa, an rage awa 1. Aikin gidan ya sauko daga 50 zuwa 44 ba tare da mijin ya ɗaga ko cokali ba, kuma ya ga cewa ba shi kaɗai ake nema ya canja ba.

Miƙa aiki sukutum, ba neman taimako ba

Nan ne yawancin tsare-tsare ke rushewa. Idan tsarin shi ne “in kina buƙatar taimako ki faɗa mini”, to aikin yana nan a kanki, shi ɗan agaji ne kawai. Ke za ki lura, ke za ki roƙa, ke za ki tuna masa, ke za ki duba. Bayan wata guda kin gaji da roƙo, shi kuma ya gaji da abin da yake ji kamar mita. Kowa ya yi asara.

Abin da za a yi shi ne kowane aiki ya zama yana da mai shi guda ɗaya, daga hango shi har kammala shi. Ɗauki wanki. Mai wanki shi ne zai lura kwando ya cika, ya san sabulu ya kusa ƙarewa ya saya, ya ware farare da masu zuba, ya duba aljihuna, ya wanke, ya shanya, ya kwashe kafin dare ko ruwan sama, ya ninke, ya mayar da kowanne wurinsa. In ya zuba kaya a inji ya bar miki shanya da ninki, kashi ɗaya cikin biyar ya yi. Wannan shafin da kika ware na ayyukan da ake riƙewa a ka, a nan ake buɗe shi: duk aikin da ya koma hannunsa, tunaninsa ma ya bi shi.

Kuma a bar shi ya zaɓa. Ki jera ayyukan da awoyinsu, ki ce ana neman ya ɗauki na kimanin awa shida a matakin farko, ya duba waɗanda suka fi masa. Mutum ya fi riƙe abin da ya ɗauka da hannunsa. Sharadi ɗaya kawai: a cikin abin da zai zaɓa dole a samu aƙalla ɗaya mai maimaituwa kullum ko kusan kullum. Gyaran famfo ana yin sa sau ɗaya a wata, kuma yana iya jiran Asabar. Kwanuka da yunwar yara ba sa jira. Nauyin aikin gida a cikin waɗanda ba sa jira yake, kuma in duk suna hannun mutum ɗaya, ko awoyi sun daidaita a takarda gajiyar ba za ta daidaita ba.

A misalinmu, mijin da ke gudun duk abin da ya shafi tukunya zai fi sauƙin farawa da abin da ya yi kusa da wanda ya saba. Ya karɓi zama da yara kan jinga, awa 4, fitar da shara, awa 1, da ragowar cefane, awa 1, har da rubuta abin da za a saya bayan ya leƙa ya ga abin da ya ƙare. Jimlarsa ta koma 64, tata 77. Tazarar ta sauko daga 31 zuwa 13. A tsaya a nan mako uku ko huɗu. Sannan ya karɓi wanki, wanda ya zama awa 3 tunda an cire guga: shi 67, ita 74. Bayan wata guda kuma, wanke-wanken dare, kimanin minti 25 kullum, awa 3 a mako: shi 70, ita 71. Cikin wata uku ke nan, kuma har yanzu bai dafa komai ba. Ba lallai ne ya dafa ba. Sai dai muna ganin ya kamata kowane magidanci ya iya haɗa abinci kala biyu masu sauƙi, saboda ranar da matar za ta kwanta ciwo ko aiki ya riƙe ta.

Me ake nufi da “an gama”?

Kafin ya fara kowane aiki, ku yi yarjejeniya a kan mafi ƙarancin abin da za a kira kammalawa, cikin jimla biyu ko uku. Wanke-wanken dare, alal misali: duk kwanuka da tukwane, har bayan tukunya, a goge wurin wankin, a gama kafin a kwanta. Jinga: a duba jakar yaro, a zauna da shi har ya gama, a sa hannu inda ake buƙata, a mayar da littattafai jaka. A rubuta a manna a cikin ƙofar kabad, inda baƙo ba zai gani ba.

Bayan wannan, yadda zai yi aikin nasa ne. In ya ninke tawul uku maimakon huɗu, ki kau da kai. In ya jera kofuna a inda ba ki saba ba, ki bar su. Masu nazarin iyali sun daɗe da lura da wannan hali, inda mace ke neman a taimaka mata amma tana tsaye a kai tana gyara, har mai taimakon ya janye. Ba mugunta ba ce, shekaru ta yi ana auna darajarta da tsabtar gidanta, don haka sakin ragamar yana mata ciwo. Amma ranar da kika sake wanke kwanon da ya wanke a gabansa, kin gaya masa cewa aikin naki ne har yanzu. In aikin bai kai abin da aka rubuta ba, kada ki gyara, kada kuma ki yi magana nan take. Ki ajiye ta sai zaman mako.

Inda abin ke lalacewa, da yadda za a gane

Mako na uku shi ne mai haɗari. Zafin farko ya wuce, sabo bai kama ba. Wata rana za ki tarar bai yi ba, kuma hannunki zai yi ƙaiƙayi. In kika yi sau biyu, aikin ya dawo gare ki ba tare da an ce komai ba. A nan sai a bambance ayyuka. Wanda illarsa za ta faɗa kan mai shi, a bar ta ta faɗa: in bai yi wanki ba ya rasa rigar fita, ba sai kin ce uffan ba. Wanda illarsa za ta faɗa kan yara, kamar kayan makarantarsu ko abincinsu, ba a wasa da shi. Ki yi, sannan a zaman mako ki ce, “Ranar Laraba na wanke kayan makaranta, wane aiki nawa za ka karɓa a madadinsa?” Musanya ce, ba hukunci ba.

Mantuwa ta gaskiya ana maganinta da ɗaure aikin a jikin wani abu da yake yi kullum, kamar fitar da shara lokacin da zai fita da safe, ko ƙararrawa a wayarsa wadda shi ya saita. Kada ki zama ke ce ƙararrawar.

Akwai kuma ɓata aiki da gangan don a ce ya bari. Yadda ake bambance shi da rashin iyawa shi ne a duba ko yana gyaruwa. Mai koyo kuskurensa na raguwa, na biyu ya fi na farko, kuma yakan yi tambaya. Wanda ke sarrafa aiki mai wuya a ofis ko a shago amma sau biyar yana haɗa farar riga da jan zane, ba koyo yake ba. Kada ki karɓe aikin. Ki ce kin ga wannan bai karɓe shi ba, ya zaɓi wani mai awoyi daidai da shi.

Zuwan baƙi, musamman danginsa, shi ma yana rusa tsari. Ku yi maganarsa tun kafin su zo. In ya ce ba zai iya wanke kwano a gaban mahaifiyarsa ba, ki karɓi wannan, amma ya ɗauki wani abu a kwanakin, kamar duk fita da yara da duk saye-saye, kuma a sa ranar da za a koma tsari bayan sun tafi. In ba a sa rana ba, ba za a koma ba.

Zaman mako kuwa minti goma sha biyar ne, a rana ɗaya tsayayya. Tambaya uku: me ya tafi daidai, me ya maƙale, me ke tafe a mako mai zuwa da zai canja lissafi. A fara da na farko da gaske, kowa ya ambaci abu ɗaya da ɗayan ya yi. Wasu matan kan ce don me za su gode wa mutum a kan wanke kwanon da ya ci abinci a ciki. Tambayar tana da hujja, shi ya sa godiyar dole ta zama ta ɓangare biyu, shi ma ya faɗi nata da bakinsa. Duk bayan wata uku, ko idan wani abu babba ya canja, kamar ciki, haihuwa ko sabon aiki, a sake rubutun kwana bakwai daga farko.

Idan ya ƙi sam

Wani mijin zai ga takardar, ya yarda da lissafin, ya ce duk da haka hannunsa ba zai taɓa ba. To awoyin suna nan, dole wani ya ɗauke su. Sai a gabatar masa da sauran hanyoyin a fili: ya biya mai aiki daga aljihunsa, kuma shi zai nemo, ya yi ciniki, ya bibiya, domin kula da mai aiki ma aiki ne; ko ya sayi abin da ke rage wahala, kamar injin wanki; ko ya yarda a sauke wasu ayyukan gaba ɗaya ba tare da ƙorafi ba. Wasu za su ce mafita ita ce ta bar aikinta. Wannan shawara ce babba wadda ta shafi kuɗin shigar gidan, ƙwarewar da ta tara da tsaronta in wani abu ya faru, don haka ba a yanke ta cikin fushi a kan kwanuka, kuma ba a yanke ta ba da yardarta ba.

In an yi wata biyu ba a motsa ba, a nemi mutum na uku, wanda mijin ke jin nauyinsa kuma ba ya cikin masu yi masa dariya, a je masa da takardar awoyin, ba da tarihin laifuffuka ba. Ki sanar da shi kafin ki je, kada ya ji a bakin wani.

Duk wannan tsari an gina shi ne a kan miji mai taurin ra'ayi amma mai tausayi. Idan tayar da maganar na jawo zagi, barazana, duka, ƙwace albashi ko hana fita, to matsalar ta wuce rabon aiki, kuma takardar awoyi ba za ta magance ta ba. A wannan hali kada ki bar aiki ya taru don ya ji a jikinsa, domin hakan na iya jefa ki cikin haɗari. Ki fara sanar da wani amintacce daga danginki, ki nemi masu ba da kariya ko hukumar da ke kula da irin wannan a inda kike zaune, maganar wanki da wanke-wanke ta jira.